Har Ina Kamfani Zai Iya Haɓaka Ba Tare da Sabon Hannun Jari Ba? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun fito ne daga bakin 'yan'uwanmu masu sana'a a Jidda da Makka, galibi masu sarin kayan abinci da masu dafa wa alhazai, waɗanda nake duba wa lissafi. Misali ɗaya na riƙe tun daga farko har ƙarshe: kamfanin wasu 'yan'uwa uku masu sarin shinkafa da mai da sukari, sitonsu yana Khumra a kudancin Jidda, suna kai kaya gidajen abinci da otal-otal na Makka. Na daidaita alƙaluman don lissafi ya yi sauƙi.

1. Mene ne ake nufi da iyakar haɓaka?

Shi ne mafi girman ƙarin cinikin da kamfani zai iya yi a shekara, da sharaɗi biyu: bai shigo da sabon jari daga waje ba, kuma nauyin bashinsa, idan an auna shi da jarin masu shi, bai ƙaru ba. Dalilin da ya sa ake da iyakar shi ne ciniki ba ya ƙaruwa da fatar baki. Kafin ka sayar da ƙarin buhu dubu sai ka saro su, ka ajiye su, ka sami motar da za ta kai su Makka, sannan ka jira mai otal ya biya. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne da ya fita kafin ya dawo.

Idan an rufe ƙofar sabon hannun jari, kuɗin nan ba shi da mafita sai biyu: ribar da aka bari a cikin kamfani, da bashin da wannan ribar ta ba da damar ƙarawa. Saboda haka gudun da jarin masu kamfani ke yi shi ne gudun da komai zai yi. Wani malamin harkar kuɗi Ba'amurke, Robert C. Higgins, shi ya yaɗa wannan lissafi a wata maƙala ta 1977.

2. Yaya ake lissafa shi?

Lambobi biyu ake ninkawa. A littattafai da manhajojin lissafi haka za ka gan shi:

```
g = b × ROE
```

Harafin g shi ne iyakar haɓakar, b kuma shi ne kason ribar da aka bari ba a raba ba. ROE kuma ita ce ribar shekara idan an raba ta da jarin masu kamfani. 'Yan'uwan nan sun shiga shekara da jarin riyal 2,000,000. Sun yi cinikin riyal 8,000,000, ribar da ta rage bayan an fitar da komai ta kama riyal 400,000. Ke nan kowane riyal ɗari na jarinsu ya haifi riyal 20. Suka raba 200,000 a tsakaninsu, suka bar 200,000, wato rabi. Rabin 20 kuwa 10 ne, don haka iyakarsu kashi 10 cikin ɗari.

Ko ba a san wata ƙa'ida ba za a iya gani da ido. Jari ya tashi daga 2,000,000 zuwa 2,200,000, ƙarin kashi 10 ke nan. Idan ciniki ya bi wannan sawu, baɗi za su iya kai 8,800,000 ba tare da an ji jiki ba.

3. Wane jari ake rabawa da shi, na farkon shekara ko na ƙarshe?

Wannan ƙaramar tambaya ta sha haɗa akanta da akanta musu. Ƙa'idar da ke tambaya ta 2 da jarin farkon shekara take aiki. Idan ka ɗauki na ƙarshe, wato 2,200,000, ROE za ta fito kashi 18.2, rabinta 9.1, ka rage wa kanka iyaka ba dalili, domin ka zuba ribar bana cikin jarin da ya haife ta. Mai amfani da jarin ƙarshen shekara sai ya yi gyara:

```
g = (b × ROE) / (1 − b × ROE)
```

Raba 0.091 da 0.909, za ka dawo kan kashi 10. Shafukan da ke nuna alƙaluman kamfanonin Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, wasu da jarin ƙarshe suke aiki, wasu da matsakaicin na farko da na ƙarshe. Kafin ka kwafi ROE daga allo, duba da wanne aka yi.

4. Mene ne "jarin masu kamfani"? Kuɗin da muka zuba ranar farko ne?

A'a. Shi ne abin da zai saura idan an lissafa duk kadarori aka cire duk bashi. A farkon shekara 'yan'uwan suna da kaya a sito na riyal 1,200,000, suna bin kwastomomi 1,300,000, motoci da kayan aiki 500,000, tsabar kuɗi a banki 200,000. Jimilla 3,200,000. Ana bin su 1,200,000, wani na banki, wani na dilolin da suke saro kaya wurinsu. Abin da ya rage, 2,000,000, shi ne nasu. A cikinsa akwai uwar kuɗin da mahaifinsu ya kafa sana'ar da ita, da duk ribar da aka bari shekara da shekaru.

Ka lura da cewa bashin dila bashi ne, ko da babu ƙarin ko halala ɗaya, wato ɗaya bisa ɗari na riyal, a kansa. Mutane da yawa suna ce mini ba a bin su komai, sai na buɗe faturorin da ba a biya ba su yi shiru.

5. To ina bashi ya shigo, tunda ƙa'idar ba ta ambace shi ba?

Yana ɓoye cikin ROE. 'Yan'uwan ana bin su halala 60 a kan kowane riyal ɗaya na jarinsu. Ƙa'idar ta ɗauka cewa wannan ma'auni zai zauna yadda yake, wato bashi ma zai ƙaru, amma da gudu ɗaya da jari. Da jari ya ƙaru da 200,000, sai ya buɗe damar ƙarin bashin 120,000. Kadarori suka tashi daga 3,200,000 zuwa 3,520,000, kuma banki bai ga an ƙara nauyi ba, domin har yanzu halala 60 ce a kan riyal.

Shi ya sa duk riyal ɗin da aka bari a wannan kamfani yana aikin riyal ɗaya da halala 60. Haka kuma duk riyal ɗin da aka cire ya tafi da riyal ɗaya da halala 60. Wannan ɓangare na biyun shi ne ba a son ji a wurin rabon riba.

6. Mu ba ma son cin bashi ko kaɗan saboda gudun riba ta haram. Lissafin ya shafe mu?

Ya shafe ku, sai dai iyakarku ta fi ƙanƙanta. Idan ba za a ƙara bashi ko na riyal ɗaya ba, sai a raba ribar da aka bari da jimillar kadarori, ba da jari ba. A misalinmu, 200,000 a kan 3,200,000 ya ba da kashi 6.25 cikin ɗari. Tazarar da ke tsakanin 6.25 da 10 ita ce gudummawar ƙarin bashin da aka yi bayani a tambaya ta 5.

Murabaha da tawarruƙ, hanyoyin samar da kuɗi na tsarin bankin Musulunci waɗanda bankunan ƙasar nan suka fi bayarwa, ta fuskar wannan lissafi a layin bashi suke zama, domin kuɗi ne da dole a biya a ranar da aka yanka, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Hukuncinsu a shari'a maganar malamai ce. Musharaka kuwa wani abu ne daban: mai kuɗi ya zama abokin tarayya a riba da asara, don haka ta fi kusa da sabon hannun jari, wanda ke tambaya ta 10.

7. Mun sami kwangilar da za ta ƙara mana ciniki da kashi 25. Me zai faru idan muka wuce iyakar?

Abin da ya faru da 'yan'uwan ke nan. Wani kamfanin da ke ciyar da alhazai ya nemi su riƙa kai masa kaya, ciniki zai tashi daga 8,000,000 zuwa 10,000,000. A tsarinsu kowane riyal na kadara yana juya cinikin riyal biyu da rabi a shekara. Don haka cinikin 10,000,000 yana neman kadarorin 4,000,000. Abin da suke da shi, da jari da bashin da ya dace, 3,520,000 ne. Giɓin riyal 480,000 ya bayyana tun kafin a loda mota ta farko.

Suka cike shi da bashi. Bashi ya koma 1,800,000 a kan jarin 2,200,000, wato halala 82 a kan riyal maimakon 60. Shekara ɗaya ba ta kashe kowa. Amma ka bi lissafin gaba da gudun nan da rabon nan. Shekara ta biyu jari zai kai 2,450,000, kadarorin da ake bukata 5,000,000, bashi 2,550,000: ya wuce jari. Shekara ta uku bashi ya doshi 3,500,000 a kan jarin da bai kai 2,800,000 ba. Kuma ban sa ƙarin kuɗin da banki zai caja ba, wanda zai ci daga ribar da muke dogaro da ita.

Ina tuna ranar da babban yayansu ya zo ofishina bayan la'asar, ya ajiye takardar lissafi a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan layin riba. Ya ce, "Malam, ga ta nan a rubuce, ta fi ta bara. To me ya sa jiya na rasa abin biyan direbobi?" Na jawo takarda ta biyu na nuna masa layin bashin da suke bi da layin kayan sito. Ribarsa tana nan daram, sai dai rabinta ta zama buhunan shinkafa a Khumra, sauran tana aljihun masu otal a Aziziyya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ciniki ma yana cin mutum."

8. Idan muka daina raba riba gaba ɗaya fa?

Wannan ita ce hanya mafi sauri, kuma tana da rufi. Idan an bar dukan 400,000, b ta zama 1, iyaka ta koma daidai da ROE, kashi 20. Jari zai kai 2,400,000, bashin da ya dace 1,440,000, jimilla 3,840,000, wanda zai ɗauki cinikin 9,600,000. Giɓin tambaya ta 7 ya ragu daga 480,000 zuwa 160,000, amma bai rufe ba. Ba yadda za a yi a bar fiye da abin da aka samu, don haka ta wannan hanya ba a wuce ROE.

A kamfanin iyali kuma b ba lamba ce kawai ba. Cikin 200,000 ɗin da ake rabawa akwai kuɗin hayar gida, da kuɗin makarantar yara, da abin da ake aika wa dangi a Kano ko Damagaram, da rabon Hajiya mahaifiyarsu. Ƙaramin cikinsu ya faɗa wa wansa a gabana, "Yaya, kai kana da wata hanyar samu, ni wannan ce kaɗai." Gaskiya ya faɗa. A ganina ya fi kyau a zauna a yanka kaso tun farkon shekara, a rubuta, da a bar kowa yana ɗiba yadda ya ga dama sannan a ƙirga a ƙarshe.

Da can dokar kamfanoni ta Saudiyya tana tilasta ware kashi 10 na riba a matsayin ajiya har ta kai kashi 30 na uwar jari. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2023 ta bar wannan ga yarjejeniyar kafa kamfani. Duba taku, mai yiwuwa tsohon sharaɗin yana nan a rubuce.

9. Yaya za a ɗaga ROE ɗin kanta?

Sai an fasa ta gida uku, yadda aka saba tun zamanin kamfanin DuPont na Amurka: ribar da ke cikin kowane riyal na ciniki, da yawan juyawar kadarori, da yawan kadarori a kan jari. Ga 'yan'uwan, halala 5 a riyal, sau 2.5, sau 1.6, shi ya ba da 20. Na ukun bashi ne, kuma mun ɗaure shi. Saura biyu.

Ɗaga riba daga halala 5 zuwa 6 zai kai iyaka kashi 12. A takarda abu ne mai sauƙi. A kasuwar shinkafa, inda mai otal zai sauya dila saboda riyal biyu a buhu, ba na sa rai da shi sosai. Juyawar kadarori ta fi zama a hannun mai kamfani. Bashin 1,300,000 da suke bi yana nufin kwastoma na ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya biya, domin cinikinsu na yini kusan riyal 22,000 ne. Idan aka matso da shi kwana 45, kusan riyal 330,000 za su dawo hannu. Wannan kaɗai ya cike wajen kashi biyu bisa uku na giɓin da ke tambaya ta 7, ba a je banki ba, ba a taɓa rabon kowa ba.

Haka sito. Kayan da ya kwana wata huɗu jari ne a kwance. Da muka zagaya nasu mun tarar da katan-katan na wani man girki da aka saro don arha, ƙura ta rufe su, kwanan watan lalacewarsu na matsowa. Karyar da su da ɗan faɗuwa ya fi barinsu. Abin lura shi ne irin wannan gyara sau ɗaya ake cin moriyarsa mai yawa. Ba za ka rage kwana 15 kowace shekara ba.

10. Me ya sa ba za a shigo da sabon abokin tarayya kawai a huta ba?

Ana iya yi, kuma wani lokaci shi ne daidai. Ba sai ya kawo dukan 480,000 ba ma. Tunda kowane riyal na jari yana jan halala 60 na bashi, 300,000 daga gare shi da 180,000 daga banki sun rufe giɓin. Amma idan ya shigo a kan ƙimar da ke littafi, 300,000 cikin jarin 2,500,000 ya ba shi kashi 12 na kamfanin, da ribarsa, da bakin magana a cikinsa, har illa masha Allahu. Bashi ana biya a rabu. Abokin tarayya ba a biyansa a rabu sai da yardarsa.

Kuma shigowarsa ba ta canza iyakar ba. Ta ɗaga kamfanin mataki ɗaya ne, sannan a ci gaba da tafiya da kashi 10 daga sabon wurin, muddin b da ROE suna yadda suke. Wanda ke son kashi 25 kowace shekara zai riƙa neman sabon mai kuɗi kowace shekara, kason 'yan gida yana ƙanƙancewa. Idan za a yi, a yi shi a rubuce da rajista. Shigo da kuɗin wani a ɓoye da sunan wani yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar hana tasattur, wato ɓoye ainihin mai kasuwanci, kuma hukuncinta ba wasa ba ne.

11. Kamfanin da nake da hannun jari a ciki ya ba mu ƙarin hannayen jari kyauta. Wannan ba sabon jari ba ne?

Ba sabo ba ne. Abin da ake kira minha a Tadawul sauya wa kuɗi layi ne kawai: a ɗebo daga ribar da aka tara a mayar cikin uwar jari, a raba wa masu hannu ƙarin takardu. Aramco ya yi haka a 2022 da 2023, hannu ɗaya a kan kowane goma. Ko riyal ɗaya bai shigo daga waje ba, jimillar jarin masu kamfani ba ta motsa ba, ROE ba ta motsa ba, iyakar haɓaka ma haka. Wanda ke kawo sabon kuɗi shi ne wanda ake ce wa masu hannu su saya da kuɗinsu, ko a sayar wa jama'a.

12. Shin iyakar tana iya zama sifili ko ƙasa da haka?

Ƙwarai. Idan an raba dukan riba, b sifili ce, jari ya tsaya cak. Idan an raba fiye da riba, b ta koma ƙasa da sifili, jari yana zagwanyewa. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yin haka ba. A 2020, shekarar annoba, ribar Aramco ta sauka zuwa kusan dala biliyan 49, amma ya ayyana rabon dala biliyan 75. Kamfani irin wannan yana da ajiya da ƙofofin bashi da za su ɗauke shi har kasuwa ta dawo. Mai sito ɗaya a Khumra ba shi da su, kuma a shekarar nan da aka taƙaita aikin Hajji ga 'yan ƙalilan mazauna ƙasa, waɗanda suka ci gaba da ɗiba kamar da, uwar kuɗinsu suka ci.

13. Waɗanne abubuwa ne ke sa lissafin ya yi ƙarya?

Na farko, ribar da ba za ta maimaitu ba. Idan an sayar da tsohuwar mota ko fili aka ci riba, cire ta kafin ka lissafa ROE. Na biyu, wanda na fi gani a wurin mutanenmu: masu kamfani suna aiki dare da rana ba su yanka wa kansu albashi ba. Ribar sai ta kumbura. Da 'yan'uwan nan uku ba sa karɓar albashi, kuma aikinsu ya kai na riyal 150,000 a shekara, ribar gaskiya 250,000 ce, ba 400,000 ba. Haɗe da wannan akwai ɗibar yau da gobe daga akwatin kuɗi, da buhun da aka kai gida, da motar kamfani da ta zama ta kai yara makaranta. Duk rabo ne, ko ba a kira shi rabo ba, kuma yana rage b.

Na uku, bashin da ya mutu amma yana nan a littafi da rai. Gidan abincin da ya rufe shekara biyu ba zai biya ba. Barin sunansa yana kumbura kadarori da jari, kuma ranar da aka share shi asara ce. Na huɗu, ROE mai tsawo saboda jari ya yi ƙanƙanta. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu yana iya nuna kashi 40, ƙa'idar ta ba shi iyaka mai faɗi, alhali ta ɗauka ne cewa za a ci gaba da ba shi bashi a wannan ma'auni mai haɗari.

Akwai kuma inda ƙa'idar ke tsananta wa mutum fiye da kima. Ta ɗauka kadarori suna ƙaruwa daidai da ciniki. Idan rabin sitonka fanko ne kuma motarka sawu ɗaya take yi a yini, za ka iya ƙara ciniki ba ka sayi komai ba sai kaya. Ranar da sito ya cika kuma, sai kashe kuɗi ya zo gaba ɗaya.

14. Zakka da haraji suna shiga lissafin?

Ribar da ake aiki da ita ita ce wadda ta rage bayan su. Kason 'yan ƙasa da 'yan ƙasashen yankin Gulf zakka ake karɓa a kansa, kashi 2.5 a shekarar Hijira, kuma a kan dukiyar da zakka ta hau ake lissafa ta, ba a kan riba kaɗai ba. Ribar da aka bari, idan tana zaune a kaya ko tsabar kuɗi, tana faɗaɗa wannan dukiya. Kason baƙo kuwa harajin kashi 20 na riba yake biya. Kamfanoni biyu masu ciniki iri ɗaya suna iya samun iyaka daban saboda wannan kaɗai.

Harajin kaya, wanda ya koma kashi 15 a Yulin 2020, ba ya cikin ciniki kuma ba ya cikin riba, amma yana taɓa aljihu. A tsarin da aka saba, fatura ce ke wajabta shi, ba biyan kwastoma ba. Mai sayarwa bashi yana iya biya wa hukuma kafin mai otal ya biya shi, kuma gwargwadon saurin haɓaka gwargwadon girman wannan rami.

15. Idan farashi ne ya tashi, ba yawan kaya ba, ya lissafin yake?

Ƙa'idar riyal take ƙirgawa, ba buhu ba. Idan farashin sari ya tashi da kashi 6, to 6 daga cikin 10 ɗin nan sun tafi wajen mayar da buhunan da ka saba ajiyewa, abin da ya rage na haɓakar gaske bai kai 4 ba. A nan Saudiyya abin da sauƙi, tunda riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986. 'Yan'uwanmu na Gadarif da Kasala sun ga ɗaya fuskar: a 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300. A irin wannan hali ɗan kasuwa yana sayarwa da riba a takarda, ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su sayi rabin abin da ya sayar ba.

16. Kasuwarmu ta Ramadan da Hajji ce. Wace rana za mu ɗauki alƙaluma?

Kada ka dogara da hoton rana ɗaya. Lissafin ƙarshen Disamba yana iya faɗowa lokacin da sito ya cika maƙil, ko lokacin da ya zama fanko, kuma wannan yana sauyawa domin shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A 2030 ma Ramadan sau biyu zai shigo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Wanda ya kwatanta cinikin wannan shekara da na 2029 zai ga haɓakar da kalanda ce ta kawo ta.

Abin da nake yi shi ne in ɗauki kadarori da bashi a ƙarshen kowane wata in fitar da matsakaici, sannan in duba watan da bashi ya fi tsawo shi kaɗai. Iyakar kashi 10 ta shekara ba ta ce komai a kan Sha'aban da Zulƙida, lokacin da ake tara kaya kuma ba a fara karɓar kuɗi ba. Kamfani yana iya zama cikin iyakarsa a shekara amma ya maƙale a waɗannan makonni.

17. Ta yaya zan gane mun wuce iyaka tun kafin banki ya gaya mini?

Alamar farko ita ce ta tambaya ta 7: riba tana hawa, kuɗin banki yana sauka. Daga nan sai ka ga kana jinkirta wa dila, wanda ka saba biya a kwana 30 ya koma 50, har ya fara cewa sai da kuɗi hannu. Sai a fara karɓar sabon tawarruƙ don biyan kason tsoho. Sai albashi ya riƙa jiran wani kwastoma ya biya.

Lambobi biyu sun isa a riƙa dubawa duk wata uku. Raba jimillar bashi da jari, ka ga ko halala 60 ɗin nan tana hawa. Sannan kwatanta ƙarin ciniki na wata goma sha biyun da suka wuce da ƙarin jari na wannan lokaci. 'Yan'uwan, bayan shekarar nan ta wahala, sun karɓi rabin kwangilar ne kawai a zagaye na biyu, suka sa sharaɗin biya cikin kwana 45, suka rage rabo zuwa kashi 35 na riba. Da ROE ta kashi 20, wannan ya kai iyakarsu kashi 13, kuma ƙaramin ya amince bayan an yanka masa albashin wata a rubuce.